Inbas ko babbar fawa ta ƙaramin matiris: wace hanya za ka ɗauka?

Kafin ka kama biro, duba girman matiris ɗin da abin da aka tambaye ka, domin nan zaɓin yake. Ni dai na fi son ƙa'idar Cayley-Hamilton, wadda Arthur Cayley ya bayyana a 1858, Frobenius kuma ya kawo cikakkiyar hujjarta a 1878. Amma ba ko'ina take da riba ba.

Ɗauki A mai layin sama 1, 2 da layin ƙasa 3, 2. Jimillar lambobin karkace, wato 1 da 2, ita ce 3, ditaminan kuma −4. Ƙa'idar ta ce a 2×2, A² daidai yake da jimillar karkace sau A, a cire ditaminan sau I, wato matiris mai 1 a gidajen karkace da 0 a sauran. A nan ke nan:

A² = 3A + 4I

Daga nan inbas ya faɗo da kansa: A⁻¹ = (A − 3I)/4. Gaskiya dai, idan inbas kaɗai ake nema a 2×2, tsohuwar dabarar musanya lambobin karkace, da sauya alamar sauran biyun, da rabawa da ditaminan ta fi sauri. A 3×3 ne ƙa'idar take fara biyan kuɗinta: ka lissafa A² sau ɗaya, ka huta da ƙananan ditaminan tara da alamominsu masu rikita mutum. Daga 4×4 zuwa sama, koma wa hanyar Gauss-Jordan. In ditaminan sifili ne, kada ka wahalar da kanka, babu inbas ta kowace hanya.

A wajen fawa kuwa Cayley-Hamilton ba ta da na biyu. A ce A⁶ ake so. Tunda a 2×2 kowace fawa tana komawa aA + bI, lambobi biyu kawai za ka nemo. Sa λ a gurbin A cikin A² − 3A − 4I, ka samu λ² − 3λ − 4. Saiwoyinsa su ne 4 da −1, sai ka sa kowanne a gurbin A:

4096 = 4a + b
1 = −a + b

Ka samu a = 819, b = 820. Layin sama ya zama 1639, 1638, na ƙasa 2457, 2458. Ninkawa ɗaya bayan ɗaya da sai ka yi ta sau biyar, kuskure ɗaya ya ɓata duka. Hanyar mayar da matiris na karkace zalla tana buƙatar ka nemo wani matiris P mai yin wannan sauyin da inbas ɗinsa, kuma tana iya cijewa idan saiwoyin biyu ɗaya ne. Cayley-Hamilton ba ta cijewa: sai ka ƙara sharaɗin a = nλⁿ⁻¹, inda n ita ce fawar da ake nema.

Inda na taɓa tuntuɓe, ina ɗalibi, shi ne na zuba 820 a duk gidaje huɗu, alhali bI gidajen karkace kaɗai yake taɓawa. Tun daga ranar nake gwada amsa: jimillar karkacen A⁶ dole ta zama 4096 + 1. Haɗa 1639 da 2458, ka ga 4097.