Waya a kashe, kwamfuta a kunne: tsohon tsarin WhatsApp da sabo

"Jama'a don Allah a fahimtar da ni. Na haɗa WhatsApp ɗina da kwamfutar shago, amma da zarar data ta ƙare a wayata ko caji ya mutu, sai saƙo ya daina shigowa a kwamfutar. Wani kuma ya ce min tasa tana aiki ko wayarsa tana gida a kashe. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?"

Ɗan'uwa, kowannenku abin da ya gani ya faɗa. WhatsApp ya yi aiki da tsari biyu daban-daban, kuma idan muka jera su kusa da juna za ka gane inda taka matsalar take.

Tsarin farko ya fito a watan Janairun 2015, lokacin da aka buɗe WhatsApp Web. A wancan tsari kwamfuta madubi ce kawai. Makullin buɗe saƙo yana cikin waya ita kaɗai, don haka duk saƙon da aka turo maka sai ya sauka a waya, ta buɗe shi, sannan ta miƙa wa kwamfuta. Idan ka rubuta amsa a kwamfuta, ita ma waya ake kai wa ta aika. Shi ya sa da data ta yanke sai wani zirin rubutu mai ruwan ɗorawa ya fito a sama yana cewa "Phone not connected", komai ya tsaya cak. Dalilin kuwa shi ne kullen da WhatsApp yake yi wa saƙo tun daga hannun mai aikawa har hannun mai karɓa. Kamfanin ba ya iya karanta hirarka, balle ya ba kwamfuta kwafi daga wurinsa.

Tsari na biyu an fara gwajinsa a watan Yulin 2021, daga baya ya game kowa. A nan kowace na'ura tana da makullinta. Lokacin da ka shiga Linked devices a waya ka haska lambar QR da ke fuskar kwamfuta, abin da ke faruwa shi ne waya tana yi wa kwamfutar shaida cewa ita ma taka ce, sai a saka ta cikin jerin na'urorinka. Ana iya haɗa har guda 4 ban da babbar wayar, kuma tun watan Afrilun 2023 wata wayar ma tana iya zama ɗaya daga cikinsu.

Bari mu bi saƙo ɗaya mu gani. A ce kwastoma ta turo maka hoton rasit da ƙarfe 10 na safe, wayarka tana gida a kashe, kwamfutar shago a kunne. Wayar kwastomar za ta duba jerin na'urorinka, ta ga biyu ne, sai ta kulle saƙon sau biyu: ɗaya da makullin wayarka, ɗaya da na kwamfutar. Na kwamfutar zai sauka nan take, ita kuma kwastomar ta ga alamar isarwa guda biyu. Na wayar zai zauna a kulle a wurin WhatsApp yana jira, sai ka kunna ta da daddare ya shigo. Amsar da ka rubuta a kwamfuta ita ma ana yi mata kwafi daban don wayarka, shi ya sa kake tarar da ita can. A tsohon tsari da wannan rasit ɗin ba za ka gan shi ba sai dare.

To tunda haka ne, me ya sa taka take tsayawa? Abu na farko da nake zargi, kuma na sha ganinsa da idona, shi ne kwamfutar daga jikin wayar take shan intanet. Akwai wata ƙanwata mai sayar da atamfa da ta rantse min WhatsApp ɗinta ya lalace. Da na leƙa kusurwar kwamfutar ta ƙasa, sunan wayarta na gani a matsayin hanyar intanet, wato Hotspot ta kunna. Data na ƙarewa a waya, kwamfutar ma ta rasa hanya. Wannan ba ruwan WhatsApp, kuma gane shi ba wuya: idan saƙo ya tsaya, buɗe kowane shafi daban a burauza. In bai buɗe ba, ka gano bakin zaren. Rubutun da ke fitowa a sama ma daban ne, "Computer not connected" yake cewa. Mai cewa tasa tana aiki, mai yiwuwa kwamfutarsa tana kan intanet na ofis ne ko wata 'yar na'urar intanet mai nata layin.

Sai dai sabon tsarin ma bai yaye kwamfuta gaba ɗaya ba, kuma nan ne mutane suke yawan ruɗewa. Tsoffin hirarraki suna cikin waya. Ranar da ka haɗa, waya ce take kulle wani kaso na hirarrakin baya-bayan nan ta tura wa kwamfuta, ba duka ba. Idan ka kashe data ko ka fita daga manhajar ana cikin wannan turawa, sai ka tarar da kwamfuta da giɓi. Haka kuma in ka gangara neman saƙon shekarar da ta wuce, wayar za a roƙa, in ba ta kan layi babu mai bayarwa. Saƙon da ka rubuta a waya babu data, wanda yake ɗauke da 'yar alamar agogo, shi ma bai bar wayar ba, saboda haka kwamfuta ba za ta san da shi ba.

Sannan akwai wa'adin kwana 14. Idan babbar waya ta wuce kwana 14 ba a yi amfani da WhatsApp a kanta ba, za a fitar da duk na'urorin da ke haɗe. Ni ina goyon bayan wannan doka ƙwarai, domin wanda aka sace wa waya alhali ya manta WhatsApp ɗinsa a buɗe a shagon buga takardu, bai kamata ƙofar ta zauna a buɗe har abada ba. Amma ga wanda wayarsa ke wurin mai gyara, ya lissafa kwanakin nan da kyau. Alamar wannan ba ta kama da ta rashin intanet: hirarrakin ne za su ɓace, lambar QR ta dawo.

Ka kuma tabbatar WhatsApp ɗin ne kuke magana a kai, ba wata manhajar saƙo ba. Google Messages na kwamfuta har yanzu sai da waya, don saƙon tes ta layin wayar yake bi. Telegram kuwa yana ajiye hirar yau da kullum a wurinsa, shi ya sa bai damu da wayarka ba.

Ga gwajin da zai raba gardama cikin minti biyu. Haɗa kwamfutar da intanet ɗin wani, kashe data a wayarka, ka ce wa maƙwabcin shago ya turo maka saƙo. In ya shigo, layin intanet daban kake bukata wa shagon. In bai shigo ba alhali sauran shafuka suna buɗewa, sabunta WhatsApp na waya, shiga Linked devices ka cire kwamfutar, ka sake haɗawa, sannan ka bar manhajar a buɗe da data a kunne har hirarrakin su gama sauka.