Hattara: ana sauya kaya ta hanyar ƙaramin baƙi a lambar kaya

Masu saro kaya da masu kula da sito, ku lura da wannan damfara. Wasu dillalai suna ba kaya mai inganci da na ƙasa da shi lamba iri ɗaya, bambancin kawai babban baƙi da ƙarami. Ka yi odar mai kyau, a cusa maka na ƙasa a ciki, Excel kuma ya ce komai daidai ne.

A ce ka yi odar gilashin waya guda 200 mai lamba KX20A, kowanne naira 9,000. A jerin farashin dillalin akwai kuma KX20a, na naira 5,500. Ya haɗo maka 60 na mai arha, ya rubuta lambarsu ta gaskiya a takardar kaya, don in rigima ta tashi ya ce ai kai ka sa hannu. Ka sa lambar oda a A2, ta kayan da suka iso a B2, ka rubuta:

```
=A2=B2
```

Amsar ita ce TRUE, domin alamar = ba ta bambanta A da a. Ka biya, naira 210,000 sun tafi.

Abin da zai kama shi:

```
=EXACT(A2,B2)
```

Wannan yana duba baƙi bayan baƙi, don haka KX20A da KX20a FALSE za su ba ka. Ja shi har ƙasan jerin, ka tace waɗanda suka ba da FALSE, sannan a buɗe katan-katan ɗinsu kafin kuɗi su fita.

Inda aka fi cutuwa ma wajen ɗauko farashi ne. VLOOKUP da MATCH da COUNTIF duk ba ruwansu da girman baƙi, ko da ka sa FALSE a ƙarshen VLOOKUP. Na farkon da VLOOKUP ya tarar shi yake ɗaukowa. Idan KX20A ne a sama, to mai arhar ma 9,000 za a lissafa maka. In lambobi suna D, farashi yana E, yi amfani da:

```
=INDEX(E2:E500,MATCH(TRUE,EXACT(D2:D500,B2),0))
```

A tsohon Excel sai ka danna Ctrl+Shift+Enter, ba Enter kaɗai ba.

Kar kuma ka yi saurin zargi don ka ga FALSE. EXACT yana ƙirga tazarar da ta maƙale a ƙarshen lamba, wadda ido ba ya gani. Fara gwadawa da TRIM:

```
=EXACT(TRIM(A2),TRIM(B2))
```

In ya koma TRUE, kuskuren rubutu ne. Amma kada wani ya "gyara" maka lambobin da UPPER don su yi kyan gani, domin yana mayar da komai manyan baƙaƙe, shaidar ta ɓace. Haka ma magatakardan da ke kwafar lamba da hannu: ya rubuta ta yadda take a jikin katan, ba yadda take a oda ba.