Tura taga ta SSH, VNC ko xrdp: wanne ya dace da sabar da ke nesa?

"'Yan'uwa, ina da sabar haya a Frankfurt mai Ubuntu 24.04 da RAM giga 4. Ina son buɗe QGIS, manhajar taswira, a kanta daga laftof ɗina mai Windows a nan Kano. Da datar waya nake aiki, `ping` yana ba ni kamar 150. Wani ya ce in yi `ssh -X`, wani ya ce VNC, wani kuma xrdp. Wanne zan ɗauka?"

Malam, xrdp za ka ɗauka, da desktof mai sauƙi irin XFCE, kuma ta cikin SSH. Amma bari in faɗa maka dalili, domin gobe idan halin da kake ciki ya sauya, zaɓin ma yana iya sauyawa. Abu biyu ne ke raba gardama tsakanin ukun nan: yawan jiran da layinka yake sa ka yi, da kuma abin da zai samu aikinka idan layin ya yanke.

Mu fara da tura taga, wato `ssh -X`, tunda ita ce ta fi sauƙin gwadawa. A tsarin X11, wanda ya fito tun 1987, manhaja ba ta zana kanta a allo. Umarni take aikawa wani shiri da ake kira sabar X, shi kuma ya zana. Abin da ke rikita mutane shi ne sabar X tana kan kwamfutar da kake zaune a gabanta, ba kan na'urar nesa ba. Saboda haka a Windows sai ka sa VcXsrv ko MobaXterm, mai Mac kuma XQuartz. A can Frankfurt ba ka buƙatar desktof ko kaɗan. Abin da ake nema kawai kunshin `xauth` da layin `X11Forwarding yes` a cikin `/etc/ssh/sshd_config`. Idan ka shiga, ka duba haka:

```
echo $DISPLAY
```

In ya nuna `localhost:10.0` ko makamancinsa, hanya ta buɗu. In bai nuna komai ba, yawanci `xauth` ne babu, ko kuma shirin da ka shiga da shi bai nemi a tura tagar ba.

Matsalar tana cikin yadda X11 yake magana. An gina shi ne don kwamfutocin da ke gini ɗaya, inda tambaya da amsa ba sa ɗaukar lokaci. Manhaja takan yi wa sabar X tambaya, ta tsaya har amsa ta dawo, sannan ta yi ta gaba. Kowace irin wannan tambaya a layinka tana cin milisakan 150. Mu ƙaddara wajen buɗewa manhaja ta yi tambayoyi 200 ɗaya bayan ɗaya: daƙiƙa 30 ke nan kana kallon allo babu komai. A ofishin da `ping` yake milisakan 1, wannan aikin ba zai kai rabin daƙiƙa ba. Ka lura da kyau, ƙara kuɗin data ko komawa layi mai gudu ba ya maganin wannan, domin nisan tafiyar ne matsalar, ba faɗin hanyar ba. Ƙara `-C` yana matse bayanan da ake aikawa, amma bai rage ko tambaya ɗaya ba. Ga shi kuma manhajojin zamani irin QGIS da Firefox su ke zana hotonsu da kansu su turo shi ɗungurungum, duk lokacin da ka ja taswira sai wani sabon hoto ya taso.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yankewar layi. Ran manhajar yana ɗaure da haɗin SSH ɗin nan. Waya ta yi ƙara, data ta tsaya har haɗin ya mutu, QGIS ya mutu tare da shi, da duk abin da ba ka adana ba. `tmux` yana ceton aikin rubutu, amma ba ya ceton taga. Akwai kuma wani tarko: da `-X`, a saitin OpenSSH na asali, bayan minti 20 ba a ƙara yarda sabuwar taga ta buɗe, sai ka ga `cannot open display` alhali ɗazu komai lafiya. Mutane kan gudu zuwa `-Y`, wanda ke ba na'urar nesa cikakken iko a kan sabar X ɗinka, har da ganin abin da kake bugawa a sauran tagogin da ke ƙarƙashinta. A na'urarka ta kanka babu laifi. A ta wani, ka yi tunani tukuna.

Ban ce tura taga ba ta da amfani ba. In kana gini ɗaya da na'urar, kana son ka buɗe ƙaramin shiri na minti biyar ka rufe, babu abin da ya kai ta sauƙi.

VNC da xrdp sun juya lamarin. Sabar X tana can tare da manhajar, duk tambayoyi da amsoshin nan a cikin na'ura ɗaya ake yin su, kai kuma hoton abin da ya sauya a allo kawai ake turo maka, kana mayar da motsin linzami da abin da ka buga. Jinkirin 150 yana nan, za ka ji shi kaɗan tsakanin dannawa da gani, amma sau ɗaya kake biyansa, ba sau 200 ba. Kuma idan layi ya yanke, desktof ɗin yana can yana aikinsa har ka dawo.

A VNC ana cakuɗa abubuwa biyu, gara ka rarrabe su. Akwai irin `x11vnc` da `x0vncserver`, masu nuna maka ainihin allon da ke jone da na'urar, abin da wanda ke zaune a gabanta yake gani. Wannan shi ne na taimaka wa mutum daga nesa, kai da shi kuna kallon abu ɗaya. Akwai kuma irin `vncserver` na TigerVNC, mai ƙirƙirar sabon allo a cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Sabar haya ba ta da allo, saboda haka na biyun ne naka:

```
sudo apt install xfce4 tigervnc-standalone-server
vncserver :1 -localhost yes -geometry 1366x768 -xstartup /usr/bin/startxfce4
```

Lambar ƙofar ita ce 5900 a haɗa da lambar allo, wato `:1` yana kan 5901. Kada ka bar `-localhost yes`. Tsohon tsarin kalmar sirri na VNC haruffa 8 na farko kawai yake dubawa, kuma a wannan tsari hoton allonka da abin da kake bugawa suna tafiya ba a ɓoye ba. Shi ya sa ake rufe shi ga duniya, a shiga ta SSH da `-L 5901:localhost:5901`. Inda VNC ya gaza maka shi ne sai ka sa wani shiri a Windows, sai ka tayar da allon da hannunka ko ka rubuta masa hidimar systemd, kuma babu sauti ko raba fayil a cikin ainihin tsarinsa. In mutum uku za su yi aiki, kowa da lambar allonsa da ƙofarsa da kalmar sirrinsa ta VNC daban.

xrdp yana magana da harshen RDP na Microsoft, saboda haka shirin shiga yana cikin Windows ɗinka tun asali: ka buga `mstsc`. Da sunanka da kalmar sirrinka na Linux za ka shiga, shi kuma ya tayar maka da desktof da kansa, in ka yanke ka dawo ya mayar da kai inda ka tsaya. Kwafe rubutu tsakanin na'urorin biyu yana aiki, kuma in ka yarda a `mstsc`, faifan laftof ɗinka zai bayyana a `~/thinclient_drives`, abin da zai yi maka amfani wajen ɗora fayilolin taswira. Ga yadda zan yi a na'urarka:

```
sudo apt install xfce4 xrdp xorgxrdp
echo startxfce4 > ~/.xsession
sudo adduser xrdp ssl-cert
```

Sai ka buɗe `/etc/xrdp/xrdp.ini`, ka mayar da layin `port` na sama ya zama `port=tcp://.:3389`, ka yi `sudo systemctl restart xrdp`. Wannan ɗigon yana nufin daga cikin na'urar kawai za a iya ƙwanƙwasa ƙofar. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan mataki. Ƙofa ta 3389 tana cikin waɗanda masu kutse suka fi lalube a intanet, dare da rana ana gwada kalmomin sirri a kanta, kuma a nan kalmar da za a gwada ita ce ta asusunka na Linux. Daga PowerShell sai ka yi:

```
ssh -L 3390:localhost:3389 sunanka@adireshin-sabar
```

Ka bar wannan taga a buɗe, ka je `mstsc` ka rubuta `localhost:3390`. Na zaɓi 3390 ne saboda Windows kan riƙe 3389 don kanta. Idan ka ƙirƙiri asusun da mabuɗin SSH kawai, ba shi da kalmar sirri, kuma xrdp ba zai shigar da kai ba sai ka sa masa da `sudo passwd sunanka`.

Abin da ya fi damun mutane a xrdp shi ne baƙin allo, ko ka shiga ya koro ka nan take. Sanadi uku ne galibi. Ko `xorgxrdp` bai hau ba, ko `~/.xsession` yana kiran desktof ɗin da babu shi, ko kuma asusun nan yana da wani zaman desktof a buɗe. Na ukun ya fi faruwa a kwamfutar ofis da mutum ya bari a shige ya tafi gida, amma zai iya kama ka kai ma in ka gwada VNC ɗazu ka manta ba ka kashe shi ba. `vncserver -kill :1` zai raba rigimar. Kada ka yi ta canke: `/var/log/xrdp-sesman.log` zai nuna ko zaman ya tashi, `~/.xsession-errors` kuma ya nuna abin da ya kashe shi. 

Na nace a kan XFCE ne saboda giga 4 ɗinka da kuma datarka. GNOME ya fi cin RAM, kuma yana son katin zane, wanda sabar haya ba ta da shi, sai nauyin ya koma kan CPU. Kowane motsi na ƙawa da inuwar taga hoto ne da za a turo maka, kai kuma za ka biya. A XFCE ka shiga Window Manager Tweaks ka kashe Compositor, ka sa bangon allo launi ɗaya. A `mstsc` ka rage girman allo zuwa kamar 1366x768, ka sauke launi zuwa 16-bit. In kana aikin hotunan tauraron ɗan'adam da launi ke da muhimmanci, ka bar shi a 24 ko 32, ka san data za ta ƙaru.

Kada ka sa rai xrdp zai nuna bidiyo ko zanen 3D sumul a wannan layi. VNC ma ba zai yi ba. Amma jan taswira, gyaran tebur na bayanai da barin dogon lissafi yana tafiya yayin da ka rufe laftof, duk zai yi su. Inda zan ce ka koma VNC shi ne ranar da za ka so wani ya ga allo ɗaya da kai kuna gyara tare, domin TigerVNC yana yarda mutum biyu su shiga allo ɗaya in an sa `-AlwaysShared`, xrdp kuwa da wani ya shigo zamanka sai ya ture ka.