P0133 a Corolla: sabon sansa ko na Baljiyam?

"Salam 'yan uwa. Corolla 2004 ce da ni a Gusau, kullum ina hanyar Ƙauran Namoda. Wutar Check Engine ta kama, kwamfuta ta nuna P0133. Mota na tafiya lafiya, sai dai shan mai. Sabon sansa zan saya ko na Baljiyam?"

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Sabo za ka saya, amma ba yau ba.

P0133 na nufin sansan farko, wanda ke jikin salansa kusa da inji kafin a kai ga indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ya yi nauyin amsawa. Aikinsa shinshinar hayaƙi, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Lafiyayye, idan inji ya yi zafi, wutarsa kan riƙa kaiwa da komowa da sauri tsakanin 0.1V da 0.9V. Idan ya tsufa ko baƙin hayaƙi ya toshe masa hanci, sai ya riƙa jan ƙafa, yawanci yana nuna mai bai isa ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta ƙaro. Inji kuma yana jure mai ya ɗan yi yawa, ba ya tari, ba ya mutuwa a silo, shi ya sa aljihunka ke jin ciwon watanni kafin mota ta nuna. Ragowar man da bai ƙone ba shi ke baƙanta fulogi, a hankali ya dafa indomi, sai P0420, lambar da ke nuna indomi ya gaza, ya biyo baya.

Kafin ka fitar da kuɗi, a tayar da inji da sanyi a saurari salansa daga bakin inji zuwa sansan. Ƙaramar ɓula tana shigo da iska ta ruɗi sansa mai lafiya. A duba wayarsa da soket. Sannan a buɗe `LTFT` a kwamfuta, wato ma'aunin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa: idan ya haura +10%, ƙwaƙwalwa na ƙara mai ke nan, a kuma duba ko wani tiyon iska ya tsage. Goge lambar kawai ba gyara ba ne, za ta dawo.

Idan duk wannan lafiya, sabon Denso mai lambar da ta dace da motarka shi ne. Soket ɗinsa na shiga kai tsaye, ba yanka waya, sifana mai lamba 22 ke kwance shi. Da an ɗaura inji ya yi zafi, za ka ga wutar na rawa a kwamfuta, `LTFT` na gangarowa wajen sifili bayan 'yan tafiye-tafiye.

Na Baljiyam? Yana da araha, wani ma ya yi aiki, amma ba wanda ya san kilomita nawa ya ci.

Ka kuma yi hattara da masu wanke tsoho su sa a sabon kwali, da masu miƙo maka sansan baya su ce duk ɗaya ne. Ka tafi da naka tsohon, ka gwada lamba da soket, ka kuma yi sharaɗin mayarwa idan P0133 ya dawo.