Fiye-akulis ko falmar: wanne za a yarda da shi a kan Ø20 h7?

«Ina koyon aikin injin sassaƙar ƙarfe a nan Damagaram. An ba ni zanen sandar famfon ruwa, an rubuta Ø20 h7 a kauri, tsawo kuma 45 ±0,2. Fiye-akulis ya ba ni 19,98, falmar ma 19,98, amma maigidana ya ce sandar ta lalace. Da wanne zan yarda?»

Ƙanena, kafin ka ɗauki kowane ma'auni, fara mayar da rubutun zanen zuwa lambobi biyu. A ƙa'idar ISO 286, h7 a kan sanda mai kaurin milimita 20 yana nufin kada ta wuce 20,000, kada kuma ta gaza 19,979, wato duk filin da aka bar maka 0,021 ne. Tsawon kuwa yana iya faɗawa ko'ina tsakanin 44,8 da 45,2, filinsa 0,4, kusan ninki ashirin na wancan.

Fiye-akulis, ma'aunin nan mai muƙamuƙin da ke zamewa, idan mai rabo 50 ne, yana karanta 0,02 a kowane layi. Ana duba layin milimita na ƙarshe da sifirin ɓangaren da ke zamewa ya wuce, a wurinka 19, sannan a nemi layi guda na ƙasa da ya daidaita cif da wani na sama. Idan na 49 ne, 49 sau 0,02 ya ba da 0,98, jimla 19,98. Karatunka daidai ne, sai dai layi ɗaya na wannan ma'auni ya kusan cinye filin h7 gaba ɗaya. Idan ka kalle shi a karkace, ko ka ƙara matsa babban yatsa, ko ka kama sandar da ƙarshen muƙamuƙin maimakon cikinsa, za ka iya ganin 19,96 ko 20,00 a kan ƙarfe guda. Saboda haka ba ya yanke hukunci a kan kaurin, amma a kan tsawon 45 ±0,2 ya wadatar, ya kuma fi sauri.

Falmar ma'auni ne mai ƙusar murɗawa da ke tafiyar rabin milimita a kowane zagaye, kuma an raba gangarsa gida 50, kowane gida 0,01. Ana karanta cikakkun milimita a jikin hannun, a duba ko layin rabi ya bayyana, sannan a ƙara lambar ganga: 19 da 0,5 da 0,48 sun ba da 19,98. A irin wannan lamba ne masu koyo suke faɗawa rami, domin idan ganga ta kai 47 ko 48, layin 20 yakan fara leƙowa, sai mutum ya rubuta 20,48. A nan fiye-akulis yake taimakon ɗan'uwansa, tunda kuskuren rabin milimita ba ya ɓuya gare shi.

Ina kyautata zaton maigidanka ya san halin sifirin falmar ɗinku. Goge fuskokinsa biyu da tsumma mai tsabta, domin ƙurar hunturu kaɗai tana iya ƙara 0,01, sannan ka rufe shi da ɗan makamin ƙarshe mai ƙas-ƙas, ba da ganga ba, har ya yi ƙara sau uku. Idan a rufe ya nuna 0,01 maimakon sifiri, to sai ka cire wannan daga duk abin da ka karanta: 19,98 ya koma 19,97, wanda ya gaza 19,979. Sandar ta yi siriri ke nan, kuma ƙarfen da aka sassaƙe ba ya dawowa. Da ta yi kauri ne, da sai a mayar da ita kan inji.

Akwai kuma zafi. An tsara ma'aunan zane a kan digiri 20, amma zafin watan Afrilu na garin nan ba shi ne babbar matsala ba, tunda ma'aunin da sandar duka ƙarfe ne, tare suke buɗewa. Matsalar ita ce sandar da aka sauke daga inji yanzun nan: idan ta fi falmar zafi da digiri 30, kaurinta yana ƙaruwa da kusan 0,007, kashi ɗaya cikin uku na filinka. Ajiye su wuri guda a inuwa har su huce tare.

Ko falmar ɗin ma, a gaskiya, da ƙyar yake isa ga h7, domin abin da aka saba bi shi ne ma'auni ya iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na filin, a nan kusan 0,002. Idan babu mai karanta 0,001 a wurin aikinku, to ka nufi tsakiya, 19,99, kada ka tsaya a bakin iyaka. Ka auna a wurare uku a tsawon sandar, a kowane wuri ka juya ta kwata ka sake aunawa. Idan lambobin sun bambanta, sandar ta yi tsini ko ba ta zagaye daidai ba, kuma dole mafi girma da mafi ƙanƙanta duka su zauna tsakanin 19,979 da 20,000.