Sharhi: na ba da bayanin manhajarmu na Play Store an duba mini

Muna da wata ƙaramar manhaja da muka yi saboda 'yan kasuwar Mile 12 da Agege, masu sayar da tumatir da albasa da tattasai a kwando da buhu. Aikinta rubuta bashi. Ka sa sunan wanda ya ɗauki kaya da abin da ya biya da abin da ya rage, in ranar biya ta zo ta shirya maka saƙon tuni ka tura masa. Duk wanda muka nuna wa hannu da hannu yakan sauke ta nan take, amma a Play Console, inda Google ke nuna wa masu manhaja alƙaluman shafinsu, muna ganin mutane suna buɗe shafinta suna fita ba su sauke ba. Dalilin da ya sa ke nan na biya wata baiwar Allah da ke sana'ar gyara bayanin manhajoji a Yaba ta duba mana bayanin shafin. Bahaushiya ce, haihuwar Idi-Araba, kuma hakan ya taimaka sosai.

Abin da ta fara yi shi ne abin da ya fi burge ni a duk aikin. Ta ƙi karanta bayanin a kwamfuta. Ta karɓi wata tsohuwar waya mai ƙaramar fuska a hannun yaron shagona, ta buɗe shafinmu, ta ce, "Alhaji, karanta mini abin da kake gani ba tare da ka taɓa komai ba." Suna da hotuna na gani, sai layi ɗaya a ƙarƙashin About this app. Dogon bayanin da mai haɗa manhajar ya sha wahalar rubutawa yana can ciki, sai mutum ya danna kibiya zai gan shi.

Daga nan ta yi mini bayanin gurabun. A Google Play sunan manhaja ba ya wuce harafi 30, bayan an rage shi daga 50 a shekarar 2021. Gurbin Short description, wato layi ɗayan nan da na gani, harafi 80 ne kacal, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Full description kuwa yana ɗaukar har 4,000. Wato a cikin bayanan nan biyu, gajeren shi ne wanda kowa yake gani. To ga abin da yake rubuce a namu:

"Barka da zuwa! Manhajar zamani mai inganci domin ci gaban kasuwancinka."

Ta ce in rufe sunan manhajar da yatsa in sake karantawa, in gaya mata mene ne ake sayarwa a nan. Banki ne? Kamfanin kai kaya ne? Ko masu ba da rance ne? Duk jimlar za ta dace da su. Wannan na ƙarshen ma shi ya fi tayar mini da hankali, domin mutanenmu sun sha wuya a hannun manhajojin rance masu bin lambobin waya suna tozarta mutane, don haka duk abin da ya yi kama da su gudunsa ake yi. Gaisuwar da ke gaba ita kaɗai ta cinye harafi 14, alhali ba ta gaya wa kowa komai ba. Mu Hausawa ba ma fara magana ba sallama, na sani, shi ya sa cire ta ya ɗan yi mini nauyi. Amma mai duba waya a tsaye cikin hayaniyar Mile 12, ana sauke kaya daga tirela ana kiransa ta ko'ina, ba shi da lokacin gaisuwa.

Kafin ta rubuta sabo, sai da ta yi mini tambayoyi. Mene ne abu na farko da mutum yake yi in ya buɗe manhajar? Rubuta bashi. Me yake amfani da shi kafin ita? Littafi da biro, wanda ruwa kan jiƙa ko ya ɓata. Me zai hana shi saukewa? Tsoron za ta cinye masa data. Na ce mata ai tana aiki ko babu data, sai dai in za a adana kwafin lissafi a intanet. Ta ɗago kai ta ce, "Haba Alhaji, wannan shi ne babban dalilin, kuma kun binne shi a sakin layi na huɗu." Ga abin da ta fitar:

"Rubuta bashin kwastomomi, ka tuna musu ta SMS, ko da ba ka da data."

Harafi 67 ne. Ya fara da aikin da mutum zai yi da hannunsa, ya faɗi amfanin, ya kuma amsa fargabar tun kafin a furta ta. Dogon bayanin ma ta juya shi. Tarihin yadda muka kafa kamfani ya koma can ƙasa. Layukan farko yanzu suna cewa manhajar ta masu sayar da kaya bashi ce a kasuwa, ba ta ba da rance, kuma ba ta tura wa kowa saƙo sai mai ita ya danna. Ta bar kalmomin "littafin bashi" da "lissafin kasuwa" a cikin jimloli na hankali, domin Google Play yana la'akari da kalmomin bayani wajen bincike, amma ta hana maimaita su barkatai. Ta kuma gargaɗe ni kan kirari irin na "lamba ɗaya" da maganar farashi a cikin suna, saboda ƙa'idar Google ta hana su.

Akwai inda aikin bai gamsar da ni ba. Na farko, jimla ɗaya tak ta ba ni, alhali a Play Console akwai Store listing experiments, inda ake nuna wa wasu baƙi tsohon rubutu, wasu kuma sabo, a ga wanda ya fi jawo saukewa, kuma ana iya gwada har sababbi uku lokaci guda. Sai da na roƙa ta ƙaro mini ta biyu, wadda ta fara da maganar ɓatan littafi. Bayan haka ba ta faɗa mini cewa manhaja mai baƙi kaɗan irin tamu takan daɗe kafin gwajin ya ba da hukunci ba. Na yi ta leƙawa ina ganin ana cewa a ƙara jira. Da sakamakon ya fito, jimlarta ta farko ce ta rinjayi tsohuwar, ta biyun kuma ba ta nuna bambancin a-zo-a-gani ba.

Na biyu, hotunan shafin ba sa cikin yarjejeniyarmu, don haka ba ta taɓa su ba. Hoton farko har yanzu fuskar rajista yake nunawa, alhali ido a kansa yake fara sauka kafin rubutu. Duk mai shirin ɗaukar irin wannan aiki ya sa hotuna a cikin ciniki tun farko.

Game da iPhone ta yi mini gaskiya, ta ce kada in kwafi wannan in liƙa a can. A App Store akwai Subtitle mai harafi 30, da Promotional Text mai 170 wanda ake iya sauyawa ba tare da an tura sabon zubin manhaja ba, sannan layuka kaɗan na farkon bayani ake gani kafin kalmar more. Kalmomin bincike kuma gurbinsu daban ne, mai harafi 100. Yawancin kwastomominmu Android suke riƙewa, don haka na ɗage wannan.

Zan sake ba ta aiki, kuma na riga na tura mata wani ɗan'uwa mai manhajar odar kilishi a Obalende, da sharaɗin ya nemi jimla uku da gyaran hoton farko a kuɗi ɗaya.