Zagayen baƙi ko akwati: wanne ya fi karantuwa a waya?

"Salam 'yan'uwa. Na yi hira da 'yan kasuwa a Kasuwar Barci, na sa sunayensu da farin rubutu mai zagayen baƙi. A laftof ya fito ras, amma da aka tura WhatsApp sai mutane suka ce ba sa iya karantawa. In ƙara kaurin zagayen ne, ko in koma sa akwati a bayan rubutun?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka koma akwati. Amma kafin nan duba girman rubutun, domin idan ya yi ƙanƙanta ba zagaye ba akwati da zai cece shi.

Bidiyon kwance faɗinsa fiksel 1920 ne, tsayinsa 1080. Mafi yawan masu kallonka ba sa juya waya, a tsaye suke riƙe ta suna wucewa. Tecno ko Infinix mai fuska inci 6.5 faɗin fuskarta bai wuce santimita 7 ba, ke nan duk fiksel 1920 ɗin nan a wannan ɗan wurin aka cusa su. Idan girman rubutunka fiksel 40 ne, a wayar zai koma wajen milimita ɗaya da rabi, ƙananan haruffa irin a da n kuma rabin haka. Sai kuma matsewa ta zo. WhatsApp yana rage nauyin bidiyo, mai tattalin data a YouTube kuma sau da yawa a 360p yake kallo, wato an raba komai gida uku. Rubutun nan mai 40 ya zama 13. Ni dai a bidiyon kwance ba na sauka ƙasa da 72 a layin suna, da 54 a layin muƙami.

To, zagaye. Kyawunsa shi ne ba ya rufe hoto, kuma a CapCut taɓa Stroke kawai za ka yi an gama. Matsalarsa lissafin da muka yi yanzu ne. Zagaye mai kaurin fiksel 3 idan ya isa 360p ya zama fiksel ɗaya tak, matsewa kuma ba ta jin tausayin siraran layuka, sai ta dama shi da abin da ke bayansa. Ka ce bari in ƙara masa kauri ya kai 10 ko 12, nan ma wata ta taso: baƙin yana cika ramukan a da e da o, yana haɗe harafi da maƙwabcinsa, lanƙwasar kan ƙ da ɗ da ɓ kuma ta nutse a ciki. Daga nesa sai ka ga baƙin dunƙule da ɗigo-ɗigon fari.

Wurin da ka ɗauka ma ya ƙara dagula lamarin. A Kasuwar Barci bayan mai magana kaya ne a rataye kala-kala, ga mutane na kai-kawo, ga mai baro ya gifta. Zagaye gefen harafi kaɗai yake tsarewa. Tsakanin kalma da kalma, da sama da ƙasan layin, duk hayaniyar nan tana nan tana motsi, ido yana ta faman tsince haruffa daga cikinta. Kuma rubutun suna yawanci a kan ƙirjin mutum yake sauka. Idan Alhajin farar shadda ya sanya, farin rubutu ya hau fari ke nan, siririn layin da matsewa ta riga ta cinye shi ne kaɗai ya raba su.

Akwati yana raba ka da duk wannan, domin kai ne ka zaɓi abin da ke bayan haruffan, ba kasuwa ba. Kuma fili mai launi ɗaya da ba ya motsi shi ne abu mafi sauƙi ga matsewa, don haka gefen haruffa yana fita a tsaftace ko a bidiyon da aka ragargaza. Inda ake yin kuskure shi ne a shara-sharar akwatin. Mutane suna son a riƙa hango hoto ta cikinsa, sai su sauke Opacity zuwa 50. Mu gwada a kan farar rigar nan. Baƙin akwati a 50 bisa fari yana komawa ruwan toka, #808080, bambancin haskensa da farin rubutu kusan 4 ne da 1. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet 4.5 da 1 take nema ga ƙaramin rubutu, ka ga bai ma kai ba. Ɗaga shi zuwa 80, bayan ya zama #333333, bambancin ya haura 12 da 1. Wannan ratar ce take taimakon wanda ke kallo a cikin keke da tsakar rana a titin Ahmadu Bello, da hasken wayar a rage don kada caji ya ƙare.

Aibin akwati a fili yake: yana cin wuri, kuma idan aka yi shi daga wannan gefe zuwa wancan sai bidiyon ya koma kamar labaran talabijin. Maganin shi ne ya tsaya daidai tsawon rubutun, da ɗan fili kamar rabin tsayin harafi a kewaye. Daga nan sai a rage magana. Mu nan muna son jera Alhaji, Dokta, sarauta, da muƙamai uku a layi ɗaya, kuma kowace ƙarin kalma ita ke tilasta maka ƙanƙanta rubutun. A girman 72 da samfurin rubutu na Noto Sans Bold, haruffa 25 suna cin fiye da rabin faɗin allo kaɗan. Suna a sama, muƙami ɗaya a ƙasa, sauran a faɗe su da baki. Idan wanda ka yi hira da shi ya nace sai an sa duka, a sa su bi da bi, kowanne ya tsaya har a iya karanta shi sau biyu a natse.

Na ambaci Noto Sans ne saboda yana da haruffanmu masu lanƙwasa. Samfuran rubutu da yawa masu ado ba su da su, sai manhajar ta aro harafin daga wani samfurin, ka ga ɗ ɗaya siririya a tsakiyar masu kauri, ko ɗan murabba'i a gurbinta. Rubuta ƙ ɗ ɓ ka duba kafin ka fara aiki. Launi kuma, ka guji jan rubutu a kan shuɗi ko kore. Bidiyo yana adana bayanan launi da rabin adadin fiksel ɗin da yake ba haske, a faɗi da kuma a tsayi, shi ya sa gefen jan harafi yake zuba. Fari ko rawaya a kan duhu ya wadatar.

Ban ce a jefar da zagaye ba. A babban take na farkon bidiyo, kalma uku ko huɗu a girman 140 zuwa sama, ramukan haruffa suna da faɗin da za su ɗauki zagaye mai kaurin 8 ba tare da sun toshe ba, akwati mai wannan girman kuwa rabin hoton zai rufe. Nan zagaye ya fi, musamman idan ka ɗora taken inda hoton ya natsu, kamar bango ko sararin sama. Sai dai lokacin hunturu saman Kaduna fari fat yake da hazo, don haka ka ɗan duhunta hoton a ƙarƙashin taken.

Idan za ka yanka hirar ta koma ta tsaye, 1080 a 1920, girman 48 ma ya isa layin suna, tunda yanzu fiksel 1080 ne suka cika faɗin wayar. Wurin ne zai canja. TikTok da Reels suna ɗora sunan mai shafi da bayani a ƙasa, maɓallai kuma a dama, don haka ni ina barin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan babu komai, akwatin ya hau sama ya karkata hagu.

Kafin ka sake tura wa jama'a, fitar da daƙiƙa goma na wurin da sunan yake, ɗaya da zagaye ɗaya da akwati. Tura su ta WhatsApp ba tare da danna HD ba, zuwa mafi ƙanƙantar wayar da ke gidan, ka fita waje ka miƙa wa wanda bai san mutanen ba ya karanta maka sunayen da ƙarfi.